Sun karɓe min dilanci bayan na gina musu kasuwa, ina makomar kamashona?

Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan kasuwa ne a Kano, tun 2021 nake dilan wani kamfani na Legas mai shigo da famfon ban ruwa na sola. Takardar da muka sa wa hannu ta ce ni ne "sole distributor" a Kano da Jigawa da Katsina, ina sarin kaya ina sayarwa, in kuma na kawo babbar oda wadda su zasu kai da kansu sai su bani kashi 5 cikin 100. Ta kuma ce duk mai son a rabu ya bada notis na kwana 90. Ranar 1 ga Maris sai ga wasiƙa wai daga 31 ga Maris an gama, kuma wanda suka ba wajen tsohon yarona ne da na sallama bara. Ranar 22 ga Afrilu wata ƙungiyar manoma da na daɗe ina bi ta biya kuɗin famfo 120, dubu 600 kowanne, suka ce bani da ko sisi tunda na fita. Akwai wata odar ta famfo 200 da ni na kai samfur na bada farashi, har yanzu ba'a sa hannu ba. Tun kafin haka ma sun sayar wa wata gona a Haɗeja kai tsaye, dilansu na Zariya kuma yana zuba kaya a Funtuwa. Yanzu ina da famfo 40 a sito, suna bina miliyan 9. Abokina na Maraɗi ya ce a wajensu doka tana ba wakili diyya. Zuciyata na ce min in riƙe kuɗinsu in kai su kotu in nemi kamasho a kan duk kwastoman da na kawo har abada. Manajan da ya sa hannu a wasiƙar abokina ne tun makaranta, yanzu ko gaisawa bama yi. Me kake gani?

Wani ɗan kasuwa, Kano

Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya sanyaya zuciya ya kuma musanya da mafi alheri. Abin da ciwo wallahi, duk wanda ya taɓa ɗaukar kayan da ba'a sani ba ya yi ta yawo da shi fadama fadama yana nuna wa manoma yadda yake aiki ya san wahalar da ka sha, kuma nasan abin da ya fi cin ranka ba ma kuɗin bane kamar ganin wanda ya koyi sana'ar a hannunka a kan kujerar. Zamu zo kan wannan. Amma dan Allah ka fara ajiye fushin gefe na ɗan lokaci mu duba takarda, domin cikin abubuwan da kake nema akwai wanda ƙafarka ta tsaya da kyau a kansa, akwai mai rabi da rabi, akwai kuma wanda gaskiya in ka nace a kai zai ɓata maka sauran ne kawai.

Mu fara da wanda ya fi ƙarfi, kuma inaga kai kanka baka lura da ƙarfinsa ba. Ka ɗauko kalanda ka ƙirga kwana 90 daga 1 ga Maris, zai kai ka 30 ga Mayu. Kaga kenan ranar da manoman nan suka biya tana cikin lokacin da ya kamata ace yarjejeniyarku na nan da ranta, kamfani ne ya datse ta da kwana 60 kafin lokaci. Toh maganar "ai ka fita" da suke maka, fitar da suka yi maka ce ba bisa ƙa'ida ba, kuma a dokar kwantiragi da kotunan Najeriya ke bi, wanda ya karya sharaɗi ana sa shi ya mayar da ɗayan inda zai kasance da an cika sharaɗin, ta fuskar kuɗi. Da sun cika kwana 90, kuɗin manoma zai shigo kana wakili. Famfo 120 sau dubu 600 miliyan 72 kenan, kashi 5 nata miliyan 3.6. Wannan ba roƙo zaka yi ba, haƙƙi ne kake nema, kuma ma ba sai an shiga dogon musu a kan kamashon bayan rabuwa ba.

Sai dai akwai ƙofa ɗaya da zasu iya bi su fita, kuma ita nake so ka fara dubawa yau da daddare kafin ka kira kowa. Yawancin irin waɗannan takardu suna da sharaɗin rabuwa iri biyu, ɗaya na rabuwa ba laifin kowa wanda shine mai dogon notis, ɗaya kuma na in ɗayanku ya saɓa, misali dila ya kasa kai adadin da aka ɗora masa a shekara ko bashi ya wuce wa'adinsa, wannan notis ɗinsa gajere ne, wani lokacin ma babu. Ka sake karanta wasiƙar tasu da kyau, wane sashe suka ambata, sun faɗi wani laifi ko kuwa godiya kawai suka yi suka ce sun sake tsari? Sannan miliyan 9 ɗin nan, ranar 1 ga Maris wa'adin biyanta ya wuce ko da saura? In ya wuce, sun taɓa rubuto maka gargaɗi su baka kwanaki ka gyara, tunda galibi takardar tana cewa sai an yi hakan? In bashin yana cikin wa'adi kuma ba gargaɗi ba komai, to Alhaji kana kan tudu. In kuwa ya daɗe da wucewa suna ta turo maka tuni kana shiru, ka faɗa wa lauyanka gaskiya tun farko, kar ya je ya ji a bakin lauyansu.

A kan wannan kwana 60 ɗin har yanzu akwai ribar sarinka da ka rasa, ita ma ana lissafa ta. Bari in yi maka misali da lambobin da na ƙaddara, kai sai ka sa naka na gaskiya. A ce kana saro famfo a dubu 550 kana sayarwa dubu 620, ribar dubu 70 kenan, kuma a wata kana fitar da 25, ya zama miliyan 1.75. Ba wannan zaka rubuta ba, sai ka cire abin da dama zaka kashe wajen samun ta, kuɗin mota da lodi da sallamar masu haɗawa, a ce dubu 450, saura miliyan 1.3 a wata, wata biyu miliyan 2.6. Ka shirya jin musu biyu daga wajensu. Zasu ce Afrilu da Mayu noman rani ya zo ƙarshe kowa na jiran damina, ba a cinikin famfo kamar na Nuwamba zuwa Fabrairu, dan haka kar ka yi lissafi da watannin kakar ciniki, ka ɗauko littafin Afrilu da Mayu na shekarun baya shine zai raba gardama. Zasu kuma ce ai kana da kaya a sito ba wanda ya hana ka sayarwa, dan haka duk abin da ka sayar a waɗannan watannin za'a cire. Duk musun biyu da gaskiyarsu a ciki, shi yasa nake ɗaukar wannan lambar a matsayin abin ciniki, miliyan 3.6 ɗin can kuwa ba ragi.

Yanzu odar 200, ita ce ainihin kamashon bayan rabuwa, kuma nan ne zaka ji haushin amsata kaɗan. A Najeriya babu wata doka ta musamman da ta ce wakilin kamfani yana da kamasho ko diyya bayan an rabu, abin da kuka rubuta shi kotu zata karanta. Dan haka jimla ɗaya ce a takardarku zata yanke hukunci, wadda ta faɗi lokacin da kamasho yake zama naka. In ta ce a kan duk odar da ka gabatar ko ka kawo, ba tare da ta ɗaure shi da zaman yarjejeniya ba, kana da hujja mai kyau ko da an sa hannu a Agusta, muddin ka nuna aikinka ne ainihin sanadin cinikin. In kuwa ta ce a kan odar da kamfani ya karɓa ko aka biya kuɗinta cikin lokacin yarjejeniya, to duk abin da ya faɗo bayan 30 ga Mayu ya kuɓuce maka a takarda, komai zufar da ka yi. In ta yi shiru gaba ɗaya, alƙali zai duba sauran takardar da yadda kuka saba yi a baya, kuma kotuna basa saurin cusa sharaɗin da mutane basu rubuta da hannunsu ba.

Shi kuma wannan sanadi, ba wai ka ce "ai ni na fara kai su" shikenan ba. Kamar dillalin gida ne, wanda ya nuna wa mai saye ƙofar gidan ya tafi daban, wanda ya yi ta sintiri har aka yi sallama daban, la'ada ta na biyun ce. Abin da zai nuna kai ne na biyun shine takardar farashin da ka basu mai kwanan wata, saƙon da ka tura wa kamfani kana sanar da su wannan kwastoman da amsar da suka baka, hoton ranar da aka gwada samfurin a gona, rasit na man mota da kuɗin injiniya, da saƙonnin masu odar suna tambayarka garanti ko ranar kawo kaya. In aka ƙarasa cinikin a kan adadi da farashi da irin famfon da ka rubuta, hujjarka ta yi nauyi. In sabon dila ya zo ya canza samfur ya rage farashi ya yi wata huɗu yana nasa zaman da su, nauyin ya fara komawa wajensa, kuma kullum aka ƙara wata ɗaya naka yana raguwa. In aka lissafa famfo 200 a dubu 600 kowanne miliyan 120 kenan, kashi 5 nata miliyan 6 ne, ni a naka matsayin bazan tsaya sai duka ko babu ba, zan ce a rubuta yau cewa in an sa hannu kafin ƙarshen Nuwamba a bani cikakke ko ko da kashi 3, in ya wuce haka na yafe. Kamfani zai iya yarda da wannan saboda masu odar kai suka sani, kalma ɗaya daga bakinka tana iya ƙarasa cinikin ko ta sanyaya shi, kuma su ma sun san haka.

Kamasho har abada a kan duk kwastoman da ka kawo kuwa, Alhaji ka cire shi a ranka sai in an rubuta shi ɓaro ɓaro, kuma da wuya ace an rubuta. Ka tuna hula biyu ka saka a wannan harka. A yawancin cinikin kai mai sari ne, ka sayi kaya da kuɗinka ka sayar ka ci ribarka a lokacin, babu kamasho a nan balle a yi maganar na gaba. A manyan oda ne kawai kake wakili mai kamasho. In ka sa wannan buƙatar a wasiƙarka lauyansu zai kama ta ya yi ta juyawa ya nuna kai mai haɗama ne, a bar maganar miliyan 3.6 da basu da amsarta.

Abokinka na Maraɗi bai yi ƙarya ba. Nijar tana cikin ƙasashen OHADA, wato ƙasashen Afirka da suka haɗu a kan dokar kasuwanci ɗaya, tare da Kamaru da Cadi da sauransu, kuma dokarsu ta kasuwanci da aka sabunta a 2010 ta yi wa wakilin kasuwanci tanadi sosai. Notis wata ɗaya ne a shekarar farko, biyu a ta biyu, uku daga ta uku zuwa sama, akwai diyyar rabuwa wadda mafi ƙarancinta kamashon wata ɗaya ne bayan shekara ɗaya, na wata biyu bayan biyu, na wata uku bayan uku, kuma in aka ƙulla ciniki bayan rabuwa cikin lokacin da hankali zai ɗauka alhali aikin wakilin ne ya kawo shi, yana da kamashonsa. Wakilin da bai sanar da cewa yana neman diyyar ba cikin shekara ɗaya ya rasa ta. Ƙasashen Turai ma suna da makamancin wannan tun 1986. Amma Najeriya bata cikin OHADA, takardarku kuma kusan tabbas ta ce dokar Najeriya ce zata yi aiki, kuma ko a can ɗin wannan gata na wakili ne mai ƙulla ciniki da sunan kamfani, mai sari ya sayar da sunansa baya ciki. Amfaninta gare ka guda ɗaya ne, ma'auni ce da zaka iya ɗorawa a teburin sulhu ka ce abin da nake nema ko maƙwabta sun ɗauke shi adalci.

Sai maganar yanki. Kalmar da ke takardarka tana da muhimmanci a nan, domin a yadda lauyoyi suka saba rubutawa "sole" na nufin kamfani bazai naɗa wani dila a yankinka ba amma shi kansa yana iya sayarwa, "exclusive" kuma shine wanda har kamfanin ya cire hannunsa. Mutane da yawa suna ɗauka abu ɗaya ne sai ranar rigima. Dan haka cinikin Haɗeja, in ba wani sashe da ya hana su ko ya ce su baka wani abu a duk cinikin da aka yi a yankinka, da alama basu karya komai ba, sai dai in kai ka fara kai musu wannan gonar, nan kuma ya koma maganar kamasho da hujjojin da na lissafa. Kotu dai bata tsayawa a kalma ɗaya, duk takardar take karantawa, dan haka lauya ya duba ko an fassara kalmar a wani wajen.

Na Funtuwa ya danganta da wa ya kai kayan. Funtuwa ta fi kusa da Zariya nesa ba kusa ba a kan Kano ko birnin Katsina, manomin da ya hau mota ya je Zariya ya sayo famfo ya dawo ba wanda ya isa ya hana shi, kuma dokar gasar kasuwanci ta 2018 da ta kafa hukumar FCCPC bata kallon yarjejeniyar kulle kasuwa da ido mai kyau, dan haka kar ka yi tsammanin kotu zata gina maka katanga. Amma in motar kamfani ce take sauke kaya a shago a Funtuwa da sunan dilan Zariya, ko sun san ya buɗe reshe a can suna ci gaba da loda masa, wannan naɗa dila na biyu ne ta bayan gida. Yadda zaka gane ba wuya, kowane famfo da kwanturolarsa suna da lamba a jiki, ka sa yaro ya ɗauki hoton lambobin guda goma a shagunan can, sannan wayabil yana nuna inda aka sauke. Tambayar da za'a maka ita ce lokacin da ka gani ka yi ƙorafi a rubuce? In ka yi shekara biyu kana gani kana shiru kana ci gaba da sari zasu ce ka yarda ne. Ni dai inaga wannan ɓangaren ka riƙe shi a matsayin abin matsa musu, kar ka sa rai da kuɗi mai yawa daga ciki, domin nuna adadin cinikin da ka rasa saboda shi aiki ne ja.

Riƙe miliyan 9 ɗin nan kuwa ina roƙonka kar ka yi shi da ka. Bashinsu a fili yake, akwai invois akwai sa hannunka, naka kuwa sai an yi shari'a an tabbatar, in ka ƙi biya kawai kai zaka zama wanda ake ƙara, ga kuɗin jinkiri in takarda ta tanada. Wasu takardun ma sun hana dila cire komai daga kuɗin kaya, wasu kuma sun ce kayan da ba'a gama biya ba na kamfani ne har yanzu. In ka taɓa basu cek mai kwanan wata na gaba ko garantin banki to ka yi hattara ƙwarai, cek ya dawo ba kuɗi laifi ne a dokar 1977 wanda ake ɗaure mutum a kai, maganar kasuwa sai ta koma ta 'yan sanda. Hanyar da ta dace ita ce ka amsa bashin a rubuce ka kuma nemi a yi ragayya. Miliyan 3.6 da 2.6 ya zama 6.2, a cire daga 9 saura 2.8, ka ce wannan a shirye nake in biya ranar da aka sa hannu. Ko kuma su karɓi famfo 16 a farashin sari, a dubu 550 ɗin da na ƙaddara miliyan 8.8 kenan, bashi ya kusa mutuwa, sai ya zama kai ke bin su naka. Ka sani fa in takarda bata ce zasu karɓi ragowar kaya ba to ba dole bane a kansu, nema zaka yi.

Sauran kayan da ke sito, wanda ka biya naka ne kana iya sayarwa, amma ka sa a rubuta maka wata shida na ƙarar da su, da cewa garantin kamfani yana nan a kansu da kan waɗanda ka sayar a baya, kuma zasu ci gaba da baka kayan gyara. Wannan na ƙarshen kar ka raina shi, manomin da kwanturolarsa ta ƙone a tsakiyar rani bai san Legas ba, shagonka ya sani, sunanka ne zai ɓaci.

Yadda zaka bi abin, ka fara tattara komai wuri ɗaya, yarjejeniyar da duk wani sabuntawa, wasiƙar sallama, bayanan banki da ke nuna kamashon da suka taɓa biyanka da lokacin da suka biya, har takardar harajin da suke cirewa a kan kamasho in suna baka, domin ita ma shaida ce cewa sun ɗauke ka wakili a waɗannan odar. Wayar da saƙonnin ke ciki kar ka sayar kar ka goge komai, sashe na 84 na dokar shaida ta 2011 ya yarda da shaidar waya da kwamfuta amma da sharuɗɗa, kuma asalin wayar tana sauƙaƙa aikin. Kar ka sa hannu a kowace takarda da suka turo da sunan rufe asusu ko daidaita lissafi sai lauya ya gani, a irinsu ake ɓoye layin da ke cewa ka yafe duk wata buƙata. Ka nemi lauyan da ya saba da harkar kamfanoni ya rubuta wasiƙa ɗaya mai sanyi mai lambobi, ya basu kwana 14 ko 21. Ya kuma duba sashen warware rigima, in ya ce sai an je gaban mai sasanci a Legas to in ka ruga kotu zasu iya sa a dakatar da ƙarar, dokar sasanci ta 2023 ta basu wannan damar. In bai ɗaure ku ba, cibiyar sulhu da ke ƙarƙashin babbar kotun jihar Kano ta fi araha da sauri a kan shari'ar da zata iya cin shekaru alhali darajar naira tana zagwanyewa. Wa'adin shigar da ƙarar kwantiragi shekara 5 ne ko 6 ya danganta da jiha, amma kai watanni zaka ƙirga, tun odar 200 bata faɗa ba kake da abin ciniki a hannu.

Shi kuma abokinka manaja, ban san zuciyarsa ba, amma a irin waɗannan kamfanoni wanda ya sa hannu a wasiƙa ba lallai shi ya yanke hukuncin ba, sau da yawa daga sama ake cewa yankin nan ya yi wa mutum ɗaya yawa ko ana son mai biya nan take, shi sai dai ya aiwatar ko ya rasa aikinsa. Laifin da zan iya ɗora masa shine rashin kiranka ya faɗa maka baki da baki kafin takarda ta iso, wannan kam bai kyauta ba, kuma ba mamaki kunyar hakan ce ta hana shi nemanka. Ka kira shi kafin wasiƙar lauya ta isa, ka ce wane ga abin da zai zo, ba da kai nake ba, ina so ka ji daga bakina. Kar ka tambaye shi sirrin ofis kar ka sa shi a tsaka mai wuya, amma shi ya fi kowa sanin waye ya yi wahalar odar manoman, kuma in aka tambaye shi a ciki gara ace ba ya jin kai abokin gaba ne.

Yaronka kuma, in ya kwashi littafin kwastomominka ko ya yi amfani da takardun farashinka tun yana ƙarƙashinka to da magana, a kira manyan kasuwa a zauna. In kuwa bayan ka sallame shi ne aka yi masa tayi ya karɓa, abin da ya koya a kansa nasa ne, kai ma wani ya koya maka, iyaka dai ladabi ya so ya zo ya sanar da kai. Ta fuskar kasuwa ma shine ya fi kowa buƙatar famfo 40 ɗin nan, sabon dila ne jarinsa bai kai ba, ga kaya a Kano ba kuɗin mota daga Legas. In zuciyarka zata iya, ka aika a ce masa ya zo, ka ji ta bakinsa, ka sayar masa a farashin sari da ɗan abin da ka kashe.

Kafin ka karɓi kayan wani kamfanin ka duba ko tsohuwar takardar ta hana ka sayar da famfon abokan gasarsu na wani lokaci bayan rabuwa, kotu tana amincewa da irin wannan ne kawai in lokacin da yankin basu wuce hankali ba, kuma ka sa cire shi cikin abin da zaka nema a sulhu, wanda ya datse maka notis bakinsa bai da ƙarfin cewa ka zauna ba sana'a. A sabuwar takardar kuma ka tsaya sai an rubuta jihohin da sunansu, an faɗi ko kamfani da kansa zai iya sayarwa a ciki da abin da zaka samu in ya yi, an faɗi ranar da kamasho yake zama naka, an kuma sa cewa ranar rabuwa zaka miƙa sunayen cinikin da kake kan bi su sa hannu, duk wanda ya faɗa cikin wata shida kana da kasonka. In ka samu sashen kamashon da na rabuwa ka turo min yadda aka rubuta su ba tare da sunan kamfanin ba, sai mu ga wanne daga cikin yanayi ukun da na lissafa a kan kamasho odar 200 ta faɗa. Allah ya bada sa'a, a gaida iyali.